Layi ukun da na shekara huɗu ban sa a farkon imel ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in ba da labarin nan amma kunya take hana ni, don duk wanda ya ji zai ce ashe abin da ya tsayar da kai shekara da shekaru bai wuce layi uku na rubutu ba. To ba shi kaɗai ba ne, arziki na Allah ne kuma komai da lokacinsa, amma dai ta ɓangaren da yake hannuna nan ne na yi ta kuskure ban sani ba, kuma na san akwai irina da yawa da suke zaune da kwali a ƙasan katifa suna tura imel na neman aiki kullum shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Argungu, mahaifinmu Allah Ya jiƙansa manomin shinkafa ne a fadama, rani da damina. Da shinkafar nan ya biya mini makaranta tun daga firamare har na gama babbar difloma a fannin akanta a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi a 2017. Na tafi bautar ƙasa lokacin alawus yana naira 19,800, na dawo gida a 2019 da takardar sallama da wani irin zato a raina cewa wata uku ya yi yawa zan samu aikin ofis mai fanka da kujera mai juyawa. Ranar da na dawo har kaza Inna ta yanka.

Shekarar 2020 ita ce ta karya mu. Kulle na korona ya zo ya wuce, sai ga ambaliyar ƙarshen damina, wadda duk ɗan Kebbi ba zai manta da ita ba. Shinkafarmu ta riga ta fara fitar da kai, kwana biyu ruwa ya shafe ta ko tsinke ba a gani, muna tsaye a kan tudu ni da Baba muna kallon ruwa kamar gulbi ya canza hanya. Bai ce komai ba sai innalillahi, ya juya ya tafi gida. Akwai bashin taki da na iri a kansa. Daga nan hawan jini ya tasar masa, farkon 2021 ya rasu, ya bar ni da Inna da ƙanne biyar, ni ne babba.

Dole ta sa na je na roƙi wani Alhaji dillalin shanshera ya ɗauke ni ina riƙe masa littafi. Aikin shi ne in tsaya a bakin sito, manoma da 'yan kasuwa su kawo buhuna, a soka a duba, a gwada danshi da mita, a ɗora a sikeli, in rubuta sunan mai kaya da yawan buhu da nauyi da kuɗin da aka biya, idan mota ta zo lodi in rubuta webil, wato takardar rakiyar kaya, in ƙirga abin da ya fita. Da yamma in haɗa abin da ya shigo da abin da ya fita in ga ko ya yi daidai da abin da ke jibge a ciki. Bayan wata shida na lallaɓa Alhaji ya sayi wata tsohuwar laftof na mayar da littafin cikin Excel, saboda littafin takarda ruwa ya taɓa jiƙa shi muka yi kwana uku muna rigima da wani mutum a kan buhu goma sha biyu.

Gaskiyar magana kunyar aikin nan nake ji. Abokan karatuna su wuce a mota ko su sa hoto da katin aiki rataye a wuya, ni ina nan ƙaiƙayi ya cika mini wuya da gashin ido, ana kirana yaron Alhaji. A raina wannan ba aiki ba ne, zaman jira ne kafin aikin gaske ya zo. Shi ya sa duk dare in na dawo sai in sayi data in shiga neman sanarwar ɗaukar ma'aikata, banki ne, ƙungiya ce, kamfani ne, makaranta ce, duk wanda na ga adireshin imel sai in tura. Imel ɗaya nake da shi wanda wani mai kafe ya rubuta mini, da sibi ɗaya, ko karantawa ba na yi, in shiga Sent in danna Forward in canza adireshi in tura. Wata rana na ƙirga na ga sun haura ɗari biyu. Amsa guda huɗu na taɓa samu, uku na haƙuri ne irin wanda ake tura wa kowa, ɗaya kuma 'yan damfara ne suka ce in tura kuɗin fom.

A cikin wannan halin yarinyar da muka yi shekara uku tare aka yi mata miji, ban ga laifin iyayenta ba ko kaɗan, sau biyu suna cewa in turo ina cewa a ƙara mini lokaci. Bayan nan na zama wani iri. Na daina zuwa majalisa, na fara yarda da maganar da kowa yake yi cewa in ba ka da kafa ko ba ka da kuɗin sayen ofa to ka manta. Akwai gaskiya a maganar, na gani da idona, amma ni sai na mayar da ita bargo na lulluɓa, don ta fi sauƙi a kan in zauna in duba ko akwai abin da nake yi ba daidai ba.

Babbar Sallah ta 2023 ce, wata guda bayan an cire tallafin mai komai ya tashi, ko rago ba mu yanka ba. 'Yar kawuna ta zo gida daga Sakkwato, ta girme ni da shekara shida, tana aiki a sashen ma'aikata na wata ƙungiya, kuma ita ce take tace masu neman aiki kafin a kai wa manya. Taubashiyata ce, ba ta raga mini ko a gaban mutane. Muna zaune a tsakar gida ana suya ta ce, kai Alhajin sibi, har yanzu ba a kira ka ba? Na ce Yaya ai ku ne kuke raba wa 'yan uwanku. Ta ce to ni ga ɗan uwana nan zaune ban ba shi ba, miƙo wayarka in ga abin da kake turawa.

Na buɗe na ba ta. Ta karanta, ta yi dariya har da riƙe ciki, Inna tana cewa ke bar mini ɗa. Da Turanci yake, amma ga abin da yake cewa da Hausa. Ya fara da ya mai girma shugaba ko shugabiya, sannan cikin matuƙar ladabi da biyayya da ƙanƙan da kai nake rubuto wannan takarda domin neman kowane irin gurbi da ake da shi a wannan ma'aikata taku mai daraja. Sakin layi na biyu sunana da shekarar haihuwata da ƙaramar hukumata da firamaren da na yi. Na uku ni mutum ne mai ƙwazo da gaskiya da riƙon amana mai iya aiki cikin matsi. Na huɗu roƙo, cewa ni maraya ne ina da ƙanne, idan aka taimaka aka ɗauke ni ba za a yi da-na-sani ba. Aikin da nake yi wurin Alhaji ko ambatonsa babu a imel ɗin, a sibi ma yana shafi na biyu can ƙasa, layi ɗaya, na rubuta mataimakin ɗan kasuwa.

Da ta gama dariya sai ta ɗauko tata wayar ta buɗe akwatin imel ta ce zo ka ga yadda nake ganinku. Wallahi wannan ne abin da ya buɗe mini ido, don ni tunda nake turawa ban taɓa tunanin yadda abin yake bayyana a ɗaya ɓangaren ba. A sikirin ɗin waya kowane saƙo abu uku kawai yake nunawa kafin a buɗe shi, sunan wanda ya turo, sai abin da ya sa a Subject wanda shi ma kalma biyar ko shida ake gani sauran ya yanke, sai guntun layin farko na saƙon da ƙananan baƙaƙe. Ta ce idan muka fitar da gurbi ɗaya ɗaruruwa ne suke shigowa, ni kaɗai, ga sauran aikina, kana zaton zan buɗe sibin kowa? Ina bin jerin nan ne da yatsa, wanda na ga alamar ya dace in buɗe in karanta layi biyu uku, in ya riƙe ni sannan in sauke sibinsa. Ta tura wa kanta nawa don in gani. Sunan da ya fito wani laƙabi ne da na sa wa Gmail ɗina tun ina makaranta, Subject ya fara da Fwd: Fwd: saboda turawar da nake ta yi, guntun layin kuma duk ya ƙare a ladabi da biyayya. Ta ce to faɗa mini, mi zan gani nan da zai sa in tsaya?

Na ce ai ladabi ne Yaya, haka aka koya mana rubuta wasiƙa. Ta ce ba wanda ya hana ka ladabi, gaisuwa kalma biyu ta isa, amma kai ka shigo zaure ka yi ta gaisuwa har mai gida ya tashi ya shiga ciki ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba. Maganar maraici kuwa ta ce in cire gaba ɗaya, kuma nan ne na ji zafi har na yi shiru. Ta lura, ta sauke murya ta ce ƙanena ba wai ba gaskiya ba ne, ni ma kawuna ne ya rasu, amma wanda zai ɗauke ka shi ma yana da oga a samansa da zai tambaye shi me ya sa ka zaɓi wannan, ba zai iya cewa don ya ba ni tausayi ba, dole ka ba shi abin da zai faɗa.

Sai ta tambaye ni wane aiki nake shirin nema yanzu. Akwai sanarwar wani kamfanin casar shinkafa da na ajiye, suna neman jami'in sito. Ta ce in karanta mata a hankali, ta ɗauki biro da bayan kwalin maganin sauro tana rubutawa. Ta ce kowace sanarwa tana da abin da dole ne da abin da ƙari ne, kuma galibi na dolen su ne aka jera a farko ko aka maimaita. A wannan ta fitar da guda huɗu, digiri ko babbar difloma a akanta ko makamancinsa, aƙalla shekara biyu a aikin sito, iya Excel, da sanin shanshera da gwajin danshi. Can ƙasa sun ce an fi son mazaunin jihar, kuma a rubuta sunan gurbin a Subject. Ta ja layi a tsakiyar kwalin ta ce ɗaya gefen ka rubuta mini hujjarka a kan kowanne, ba sifa ba, abin da ka yi da hannunka.

Na rubuta difloma, na tsaya. Ta ce shekara biyu a sito fa? Na ce ban taɓa aikin sito a kamfani ba. Ta ce to wurin Alhaji rawa kake yi? Ta fara jero mini tambayoyi, tun yaushe ka fara, buhu nawa ke shiga hannunka a kaka, wa yake rubuta webil, wa yake gwada danshi, an taɓa samun ɓata? Ina ba ta amsa tana rubutawa. Na fara watan Maris na 2021, wato na haura shekara biyu. A kakar da ta wuce buhu kusan dubu tara suka bi ta littafina, na duba a laftof na tabbatar. Ni nake riƙe mita, na san in za a ajiye shanshera ana son danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari, in ya haura sosai aka jibge ta haka sai ta yi zafi ta yi fumfuna ta canza kala. Ni na mayar da lissafin Excel. Da ta gama ta juyo mini da kwalin ta ce kalli, duk abin da mutanen nan suke nema kana yinsa kullum, amma ka ɓoye shi kamar abin sata ka fito da firamarenka gaba.

Ban san lokacin da ƙwalla ta zo mini ba. Aikin da nake ɓoyewa in an tambaye ni a biki, wanda nake cewa ina ɗan taɓa kasuwanci, ashe shi ne kaɗai abin da nake da shi da wani zai biya kuɗi a kansa.

Muka zauna muka rubuta sabo, sau biyar tana mayar mini. Na farko na fara da ina rubutowa ne domin in nemi, ta ce Subject ya riga ya faɗi hakan, kar ka ɓata layin da ya fi kowanne tsada wajen maimaitawa. Na biyu na sa ni ƙwararre ne, ta goge ta ce kowa ƙwararre ne a bakinsa, sa lamba. Na uku ya yi tsawo na cusa komai a jimla ɗaya har numfashi yake ɗaukewa. A ƙarshe ga yadda farkon ya tsaya, in na mayar da shi Hausa:

"Barka da aiki. Shekara biyu da wata uku ke nan ina riƙe da lissafin siton shanshera a Argungu, a kakar bara buhu kusan 9,000 suka shiga suka fita ta hannuna, ni nake gwada danshi, in rubuta webil, in daidaita lissafin kullum a Excel. Ina da babbar difloma a akanta, ina zaune a jihar Kebbi, kuma zan iya fara aikin jami'in sito da kuka sanar cikin mako biyu."

Bayan wannan sai gajeren sakin layi guda mai misali ɗaya tak, yadda na mayar da littafin takarda zuwa kwamfuta har rigimar ƙirga da masu kawo kaya ta ragu. Sai layin rufewa, sibina yana maƙale, ga lambar wayata, na gode. Sunana cikakke a ƙasa. Duka-duka bai kai kalma 130 ba, yana shiga sikirin ɗin waya ba sai an ja ƙasa sosai ba. Na ce Yaya bai yi kaɗan ba? Ta ce aikinsa ɗaya ne, ya sa a buɗe sibi, sauran bayani yana can.

Wani abu da ta nuna mini wanda ban taɓa lura ba shi ne amfani da kalmomin sanarwar kansu. Su sun rubuta daidaita lissafin kaya na kullum, ni da na rubuta ina duba kaya, ta ce abu ɗaya ne amma mai tacewa yana riƙe da jerin sharuɗɗa ne a gabansa yana neman inda zai sa alama, in ya ga kalmar da yake nema idonsa zai tsaya, in ka kira abin da wani suna sai ya yi tunani tukuna, shi kuwa ba shi da lokacin tunani. Amma ta ja kunnena kar in kwafe sanarwar sukutum in liƙa, ana ganewa, kalmar tasu ce amma lamba da wuri da aikin naka ne.

Sauran ƙananan gyare-gyaren ba su ɗauke mu minti ashirin ba. Na canza sunan da ke fita a Gmail ya koma sunana na takarda. Na buɗe sabon saƙo fil maimakon Forward. A Subject na sa `Store Officer` kamar yadda suka rubuta sai sunana. Sibin da yake da suna `CV final final 2` na mayar da shi PDF na sa masa sunana, don wanda aka tura a Word yakan wargaje a wata wayar. Na kuma gyara sibin kansa, aikin sito ya hau sama shafin farko da kwanan wata da lambobi iri ɗaya da na imel, ta ce in imel ya ce shekara biyu sibi ya nuna wani abu daban to ka kashe kanka da kanka. Takardun makaranta da na saba ɗauka a hoto in jibga guda takwas ta ce in bari tunda ba su nema ba. Sannan na tura wa kaina tukuna na duba yadda ya fito a jeri, na ga guntun layin yana nuna shekara biyu da wata uku ina riƙe da lissafin sito, na buɗe abin da na maƙala na tabbatar shi ne, sannan na tura musu.

Kar wani ya ɗauka daga nan sai ga aiki. Wannan kamfanin ba su taɓa amsa mini ba har yau.

Amma na ci gaba da yin yadda ta koya mini, sai dai yanzu ba na tura goma a dare, ɗaya-ɗaya nake turawa, don kowanne sai na zauna na ja layin nan na cika gefe biyu. Kuma kwalin ya koya mini wani abu, in na ja layi na ga gefen hujja babu komai a kan manyan sharuɗɗa biyu, to wannan aikin ba nawa ba ne, in bar shi. Da yawan waɗanda na yi ta turawa a baya irin su ne, ana neman mai shekara biyar a banki ni ina turawa ina jin haushi ba a kira ni ba. Daga Yuli zuwa Oktoba na tura goma sha ɗaya, aka kira ni intabiyu uku. Wanda ya tura ɗari biyu babu ko ɗaya shi zai gane yadda na ji ranar da baƙuwar lamba ta kira ta ambaci sunana cikakke.

Na farkon ni na ɓata shi da kaina, kuma ina son a ji wannan da kyau. Wata ƙungiya ce take neman mai kula da kayan rabo, sun ce ana son wanda ya ƙware sosai a Excel. Daɗin abin ya ɗebe ni, na ga layin farko yana aiki, sai na ƙara gishiri na rubuta cewa na ƙware matuƙa. Na hau mota har Gusau da kuɗin aro, aka zaunar da ni gaban kwamfuta aka ba ni shafi biyu aka ce in haɗa su da VLOOKUP in fitar da taƙaitawa da PivotTable. Ni iyakata SUM da ɗan SUMIF da jera kaya. Na yi minti goma sha biyar ina zufa a ɗaki mai sanyi, matar da ke kula da mu ta zo ta tsaya a bayana ta duba takardar da ke hannunta, na hango imel ɗina ne aka buga an ja layi a ƙarƙashin wannan jimlar. Ba ta ce komai ba, ta ce mun gode za ka ji daga gare mu. A mota ina dawowa na kira Yaya na faɗa mata, ta ce duk abin da ka sa a layin farko shi ne tambayar farko da za a yi maka, ka rubuta wa kanka jarrabawa ne, to me ya sa za ka rubuta wadda ba ka iya ba? Na dawo na yi wata guda ina koyon abubuwan nan biyu da daddare a laftof ɗin Alhaji da lissafin sitonmu, a imel kuma na koma faɗin abin da nake yi da Excel ɗin maimakon in yabi kaina.

Akwai kuma wanda na yi gaggawa na kwafi farkon wani imel na manta ban canza sunan gurbin ba, na nemi aikin akawu da jimlar da take cewa jami'in sito. Sai bayan na tura na gani. Wannan ko jira ban yi ba.

Intabiyu na biyun na yi ƙoƙari amma suka ɗauki wani. Na ukun wani kamfanin shinkafa ne daban, su ma sito, kuma sun sa sharaɗin sanin sikelin mota wanda ni ban taɓa aiki da shi ba, namu sikelin buhu ne. Na yi ta tunanin in yi shiru ko in faɗa. Abin da na yi shi ne na bar layukan farko a kan abin da nake da shi, a sakin layi na biyu na sa jimla ɗaya cewa awon da na saba na buhu-buhu ne, na sha raka mota zuwa sikelin kamfani na san yadda ake cire nauyin mota daga jimilla amma ban taɓa riƙe shi da kaina ba. Ranar intabiyu mutum uku ne, babbansu dattijo ne mai furfura, ya ɗaga takarda ya ce kai ne mai buhu dubu tara? Na ce ni ne ranka ya daɗe. Ya ce to mota ta kawo tan 30 danshinta kashi 18, in aka busar ta koma 14 nawa za ta rage? Wannan lissafin kullum muke yinsa da manoma suna cewa mun cuce su. Na ce a cire ruwa tukuna, busasshen abin da ke ciki kashi 82 ne, a sabon danshin zai zama kashi 86 na nauyin, sai a ninka kilo 30,000 da 82 a raba da 86, ya ba da wajen kilo 28,605, an rasa kusan kilo 1,400 ke nan, ba kilo 1,200 da mutum zai samu in ya cire kashi huɗu kai tsaye ba. Ya kalli na kusa da shi ya yi murmushi. Maganar sikelin mota da ta zo sai ya ce ai ka riga ka faɗa, wannan kwana uku ne ka koya.

Watan Nuwamba na fara aiki. Albashin ba wani mai yawa ba ne, kuma ƙaiƙayin nan dai bai bar ni ba, har yanzu da shi nake komawa gida a wuya, kujera mai juyawa kuwa ko a ofishin manaja ban ga irinta ba. Amma na biya ragowar bashin Baba a wata bakwai, ƙannena biyu sun koma makaranta, bana kuma aka kai kuɗin gaisuwata. Da na je yi wa Alhaji sallama ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in tafi da laftof ɗin, ƙanena da ya gaje ni a bakin siton ya saya masa wata.

Watannin baya ƙanwata da ta gama karatun kiwon lafiya ta kawo mini wayarta in duba mata imel ɗin da za ta tura wani asibiti. Na buɗe na ga cikin matuƙar ladabi da biyayya da ƙanƙan da kai, kalma da kalma, ashe a tsohuwar wayata ta samo shi ta kwafa tana ganin ai na yaya ne dole ya yi kyau. Na ce mata je ki ɗauko biro da takarda, ki karanto mini sanarwar tun daga farko, sannan ki faɗa mini wata nawa kika yi kina taya su awo da rigakafi a asibitin garinmu. Ta ce Yaya ai wannan sa kai ne ba aiki ba ne. Na ce na ji, wata nawa?